Shelar Yasar Kwata a Tudun Ƙofa

Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata ita ce ranar tsaftar muhalli a Jihar Nasarawa, kuma daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ake taƙaita zirga-zirga domin kowa ya fuskanci ƙofar gidansa. Al'adar ta samo tushe ne daga yaƙi da rashin ɗa'a da gwamnatin Buhari da Idiagbon ta fara a 1984. A Tudun Ƙofa, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin cikin garin Keffi, inda gidaje suke manne da juna kuma ruwan wanka da na wanki ke fita ta rariya zuwa kwatar lungu, awa ukun nan ba su da yawa. Abin da ke raba unguwar da ta amfana da su da wadda ta yi asararsu shi ne shelar da aka yi tun kafin ranar. Shela mai cewa "jama'a a fito aikin gayya" kawai tana tara mutane, amma ba ta gama aiki. Wadda ke gamawa ita ce wadda ta faɗi kwatar da za a yashe, da kayan da kowa zai riƙo, da wurin haɗuwa, da lokaci, sannan, fiye da komai, inda za a kai abin da aka kwaso.

Wannan batu na ƙarshe shi aka fi mantawa, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna girmansa. A ɗauki kwata mai tsawon mita 100, faɗinta rabin mita, yashi da laka sun cika ta zurfin santimita 20. Abin da ke kwance a cikinta kubik mita 10 ne, wato lita dubu 10, kuma jiƙaƙƙen yashi irin wannan nauyinsa ya haura tan 15. Baro ɗaya, idan ana so matashi ya iya tura shi a lungu mai gargada, bai wuce ya ɗauki lita 60 ba, saboda haka ana maganar sawu kusan 170. Idan baro huɗu ne aka samu, kowanne zai yi sawu fiye da 40 a cikin awa uku, wato sawu ɗaya a kowane minti huɗu, har da lodi da juyewa. Wannan ba ya yiwuwa sai in wurin zubarwar yana bakin lungun. Shi ya sa mutum ashirin masu shebur da baro biyu suke tashi aiki da tulin baƙar laka jere a bakin kwata. Ranar Asabar lungu ya yi kyau, ranar Talata a yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, komai ya koma inda ya fito. Mai son sanin ko gayyar wata unguwa ta yi nasara, ya je bayan ruwan farko ya duba bakin kwalbati: idan ruwa na wucewa, an yi aiki, idan ya taru yana juyi da ledojin fiya wata, gumi kawai aka zubar.

Don haka shelar kirki daga ƙarshe take fara tunani. Mai unguwa da shugabannin matasa su fara sanin filin da motar tifa za ta iya shiga, su daidaita da sashen kula da muhalli na ƙaramar hukuma ko da mai mota kan ranar kwashewa, sannan su auna tsawon kwatar da za su iya gamawa. Gara a ce "daga kwalbatin bakin titi zuwa ƙofar masallaci" a gama, da a ce "duk unguwa" a taɓa ko'ina a bari. Daga nan ne jerin kayan aiki ke samun ma'ana. Shebur na kwasar laka ne, manjagara ta janyo leda da tsumma daga cikin ruwa, diga ta fasa yashin da ya daskare, adda ta sare ciyawar gefe, doguwar gora ko rodi kuma na zungurar cikin kwalbati. Idan ba a raba ba, kowa tsintsiya zai riƙo, domin ita ce a kowane gida. Ya kamata shelar ta ce gidaje kaza su kawo baro, masu aikin gini su ara shebur, masu shago su kawo tsofaffin buhunan da za a zuba leda daban da yashi, tun da yashin yana iya cike rami a hanya, leda kuwa ba ta da wurin zuwa sai juji. Duk wanda zai shiga cikin kwata ya sa takalmin ruwa da safar hannu, saboda fasassun kwalabe da gwangwanaye masu tsatsa da allurai da ke ɓoye a laka, kuma yara su tsaya ga shara da kai ruwan sha.

Wurin haɗuwa ma ba don sauƙi kaɗai ake zaɓensa ba. Kwata daga gangare ake fara yashe ta a hauro sama, domin ruwan da ya kwanta ya sami hanya yana tsiyayewa yayin da ake aiki. Wanda ya fara daga sama yana tura dagwalo ne kan toshiyar da ke ƙasa, ya malalo ƙofar gidan maƙwabci. To idan shela ta ce a haɗu a bakin kwalbati na ƙasa da ƙarfe 6:30, ta riga ta tsara aikin, ta kuma ba da rabin awa na rabon kaya kafin 7.

Akwai masu cewa wannan aikin gwamnati ne, kuma gayya tana koya wa hukuma lalaci. Rabin maganar gaskiya ce: kwashe shara daga wurin tarawa da gyaran rusasshen kwalbati sun fi ƙarfin shebur, kuma haƙƙin hukuma ne. Amma motar hukuma ba ta shiga lungun da baro ma da ƙyar yake wucewa, kuma shelar da ta ambaci wurin tarawa da ranar kwashewa ita ce ke ba dattawan unguwa abin riƙewa idan suka je sakatariya neman mota. Wasu kuma suna cewa iyayenmu sun yi gayya ba da jerin kaya ba, sanƙira ya zaga, kowa ya fito. Haka ne, sai dai a gayyar noma kowa ya san fartanya zai ɗauka, kuma ciyawar da aka nome a gona take ruɓewa. Leda ba ta ruɓewa. Keffin yau kuma cike take da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ma'aikatan da ke sammakon tafiya Abuja, 'yan haya da ba su san gidan mai unguwa ba, balle su ji sanƙira. Irin waɗannan sai an faɗa bayan sallar Juma'a, an liƙa takarda a bakin shago, an kuma tura ta waya da Hausa da Turanci.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa dole a bar laka ta tsane kafin a ɗauka, domin jiƙaƙƙiya tana da nauyi kuma tana zuba a hanya. Wannan daidai ne, amma tsanewar kwana ɗaya ko biyu ce, kuma a damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, kowane dare na iya zuwa da ruwa. Maganinsa shi ne babbar yasa ta kasance a watan Maris, kafin ruwan farko, lokacin da lakar take busasshiya, sannan shelar kowane wata ta ƙunshi rana ta biyu da sunayen waɗanda za su dawo da baro. Wata guda kuma tazara ce mai tsawo ga sauro, wanda ke tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kamar kwana 10 a irin zafin Keffi, don haka kowane gida ya ɗauki nauyin buɗe kwatar ƙofarsa duk mako har Asabar ɗin gayya ta zagayo.