Mai Tunin Bashi Na Safiyar Litinin

A ƙaramin ofishin akanta, irin mai ma'aikata uku ko huɗu da ke riƙe wa 'yan kasuwa littattafansu, ba kullum rashin kuɗi ke sa a makara wajen biyan masu kawo kaya ba. Sau da yawa mantuwa ce. Takardar neman biya, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois, takan iso tare da kaya, a shigar da ita a kwamfuta, a jefa ta cikin fayil, ba a sake tuna ta sai ranar da mai dizal ya bugo waya rai a ɓace. Saboda haka wasu ofisoshi suke ajiye wata 'yar manhaja da ke tashi da kanta sau ɗaya a mako, ba wanda ya taɓa ta, ta tsamo takardun da wa'adinsu ya wuce, ta aika wa shugaban ofis ta imel.

Aikinta ba shi da yawa. Tana buɗe teburin da ake rubuta basussuka, galibi na Excel ko fayil ɗin CSV da aka fitar daga manhajar lissafi. A kowane layi tana duba ranar takarda, da kwanakin da aka yi yarjejeniya a kansu, da abin da ya rage ba a biya ba. Sai ta ɗora kwanakin a kan ranar takarda ta sami ranar biya. In ranar ta wuce kuma da sauran kuɗi, takardar ta shiga jerin. Akantoci sun saba kasa jerin gida-gida: wanda ya makara kwana 1 zuwa 30, da 31 zuwa 60, da 61 zuwa 90, sai wanda ya haura 90, wanda shi kam mai shi ya riga ya fara kai ƙararku wurin abokan sana'arsa.

Mai tashin ta kuwa agogon kwamfuta ne. A Windows sunansa Task Scheduler, a Linux kuma cron, inda layi ɗaya ya wadatar:

```
0 7 * * 1 python3 /home/ofis/bashi.py
```

Sifili shi ne minti, 7 ƙarfe bakwai na safe, taurari biyun na nufin kowace rana ta kowane wata, 1 kuma Litinin.

Mu ɗauki misali. A ce wani ofishi a Kano yana riƙe da littafin wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, sai mai kawo masa dizal ya ba da takarda ta Naira 600,000 ranar 3 ga Fabrairu 2025, da wa'adin kwana 30. Fabrairun 2025 kwana 28 ne, don haka ranar biya ita ce Laraba 5 ga Maris. Ranar Litinin 3 ga Maris manhajar za ta wuce takardar, domin lokaci bai yi ba. Sai Litinin 10 ga Maris za ta ɗaga ta, an riga an makara kwana 5. Iyakar duba na mako-mako ke nan: in dai abin da ya riga ya wuce kawai ake nema, kullum a makare labari zai zo. Maganinsa a ƙara jeri na biyu, na takardun da wa'adinsu zai cika cikin kwana 7 masu zuwa. Da shi, mai dizal zai bayyana tun 3 ga Maris, kwana biyu kafin lokaci, a biya shi cikin mutunci.

Wannan takardar dai tana iya faɗawa wani ramin da ya fi wannan zurfi. Mu a nan idan mun rubuta 03/02/2025, muna nufin 3 ga Fabrairu. Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi, a wurinsu 2 ga Maris ke nan. Idan aka saita kwamfutar ko manhajar a kan tsarinsu, za ta ɗauka ranar biya 1 ga Afrilu ce, ba za ta ce uffan ba sai Litinin 7 ga Afrilu, kuma ta ce an makara kwana 6, alhali kwana 33 ne. Abin da ke ɓoye kuskuren shi ne ba duk takardu yake shafa ba. Ranar da ta haura 12 ba za ta rikiɗe ta zama wata ba, tunda watanni 12 ne, sai na 1 zuwa 12 kaɗai ke juyewa ba a sani ba. Wanda yake son ya gane, ya ɗauki takarda guda ta farkon wata ya lissafa da hannu ya gwada da rahoton. Wanda kuma yake son ya huta, ya tilasta a riƙa rubuta shekara, wata, rana, wato 2025-02-03.

Akwai kuma ƙararrawar banza. A Nijeriya akan cire wani haraji daga kuɗin mai aiki tun kafin a biya shi, a kai wa hukumar haraji da sunansa. A ce takarda ta Naira 400,000 ce, aka cire kashi 5 cikin ɗari, aka tura masa 380,000. Idan akawu bai shigar da 20,000 ɗin a matsayin haraji ba, manhajar za ta ci gaba da ɗaga takardar kowace Litinin. Mako uku, huɗu, sai idon ma'aikata ya saba, su fara tsallake layuka, wata rana su tsallake na gaskiya. Duk layin da ya maimaita kansa sau biyu, a sa wani ya bi shi har ya rufe.

Amma abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne shiru. Yawancin masu rubuta irin wannan manhaja sukan sa ta aika saƙo ne kawai idan ta sami bashi. To Litinin ta zo, ba imel. Ba a bin ku komai ne, ko kuwa manhajar ce ba ta tashi ba? Daga kujerar shugaban ofis, biyun kamanninsu ɗaya. Hanyoyin mutuwarta kuma a nan ƙasar ba su da wuyar samu. An ɗauke wuta, ba a tayar da janareta ba sai ƙarfe tara, kwamfuta tana kashe da bakwai. Cron ba ya rama aikin da ya wuce shi, sai wata Litinin ɗin. A Linux akwai anacron da aka yi don injin da ba ya kwana a kunne, a Task Scheduler ma akwai zaɓin gudanar da aiki da zarar an kunna idan lokacinsa ya kuɓuce, amma sai an saita. Ko data ta ƙare, ko an sauya kalmar sirrin imel, ko wani ya canza sunan fayil ya koma aiki a sabo, manhajar tana ta karanta tsohon.

Don haka rahoto ya zo kowace Litinin, ko da babu bashi ko ɗaya. A samansa a rubuta layuka nawa ta karanta, da ranar da aka taɓa fayil ɗin a ƙarshe, da layuka nawa ta kasa fahimta. Idan makon jiya ta karanta 212, yau ta ce 9, ko kuma fayil ɗin ya kwana 20 ba a taɓa shi ba, ko yaron ofis zai gane akwai matsala. Sannan a ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, cewa in ƙarfe tara ta yi rahoto bai iso ba, ya tashi ya bincika.

Kada kuma a ba ta ikon tura kuɗi. Ba ta san an rubuta takarda sau biyu ba, ba ta san kayan sun zo da tawaya ana jayayya a kansu ba, ba ta san wani ɗan damfara ya sauya lambar asusu a takardar ba. Nata tuni ne, biya na mutum.

Mai karatu, idan akwai irin wannan manhaja a ofishinku, Litinin mai zuwa ka tambayi wanda ya rubuta ta abu ɗaya: ranar da ta mutu, ta yaya za mu sani? Idan ya ce ai za ku ga imel bai zo ba, alhali ba kowane mako yake zuwa ba, kada ka sallame shi sai ya gyara.