Daga Labarin Rayuwa Zuwa Shafi Ɗaya: Yadda Ake Gyara CV Ɗin Wanda Ya Gama Jami'a

A shagunan kwamfuta da ke bakin ƙofar kowace babbar makaranta a arewa, akwai wata irin CV da ake yawan bugawa. Takan fara da suna, ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini da batun aure. Daga nan sai sakin layi na farko ya ɗauko zance tun daga firamare, na biyu ya shiga sakandare, na uku ya isa jami'a, a haka har a cika shafi biyu ko uku. Mai ita bai yi ƙarya ba, kuma bai bar komai a baya ba. Matsalar ita ce abin da mai ɗaukar aiki ya fi son gani, wato digiri da aikin da mutum ya yi na ƙarshe, yana can ƙasan shafi na biyu, bayan an wuce labarin zama shugaban ɗalibai a aji shida na firamare.

Wanda aka tara wa takardun masu neman gurbi ɗaya ba karatun natsuwa yake yi ba. Idonsa yakan sauka a saman shafi, ya gangara ta gefen hagu yana neman sunan digiri da wurin aiki, sannan ya leƙa gefen dama yana neman shekaru. Dalilin da ya sa ake juya tsarin ke nan, a sa na baya-bayan nan a sama, mafi daɗewa a ƙasa.

A ɗauki misalin wata matashiya da ta karanci ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta a wata jami'ar tarayya, tana neman aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin abinci. CV ɗinta shafi biyu da rabi ne, duk a sakin layi. A ciki ta rubuta cewa ta samu gurbin karatu a zangon 2017/2018, ta yi aikin koyon sana'a na SIWES daga 08/21, ta koyar a wata makarantar kuɗi a 2022, ta kammala digiri a 2021, ta tafi bautar ƙasa a rukunin C na 2023, kuma tana aiki a wani ɗakin gwajin jini tun ranar 6/1/25. Kwanan wata shida ke nan, a salo biyar daban-daban, kuma ɗaya daga cikinsu ba daidai ba ne.

Mai gyara da ya san aikinsa ba ya fara da kwamfuta. Yakan ce a kawo masa takardun asali: shaidar kammala digiri ko takardar sakamako, littafin SIWES da aka sa wa hannu, takardar sallama daga bautar ƙasa, da wasiƙar ɗaukar aiki. Sai ya ja layi a tsakiyar farar takarda, ya rubuta abin da aka yi a hagu, watan farawa da na gamawa a dama, kowane kwanan wata daga takardar da ta tabbatar da shi. A nan ne kuskuren matashiyar ya fito. Ta rubuta 2021 ne don kwas ɗinta na shekara huɗu ne, kuma lissafin da ke kanta tun ranar da ta shiga ke nan. Amma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba na 2020, a daidai lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, ta kuma sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022. Takardar sakamakonta 2023 ta nuna.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da an bar 2021, mai karatu zai ga ta gama digiri sannan ta zauna shekara biyu kafin bautar ƙasa, ya kuma ga SIWES, wanda ɗalibi ne kaɗai ke yinsa, ya zarce har bayan kammalawa. Ko dai ya ɗauka ba ta da kula, ko kuma ya yi zargin akwai abin da ake ɓoyewa. Ranar tantance takardu kuwa, za a ajiye CV kusa da satifiket, a ga shekarun sun saɓa. Da ta rubuta 2018 zuwa 2023, babu mai ɗaukar aiki a Najeriya da zai tambayi dalilin da ya sa digirin shekara huɗu ya ci biyar. Kowa ya san amsar.

Bayan an tabbatar da kwanakin, sai a zaɓi salo ɗaya a tsaya a kai. Wanda ya fi sauƙin karantawa shi ne sunan wata a taƙaice da cikakkiyar shekara, kamar Aug 2021, tunda da Ingilishi ake rubuta CV ɗin. Lambobi zalla suna da haɗari. A Najeriya 6/1/25 na nufin 6 ga Janairu, amma a tsarin Amurka wata ne ke zuwa farko, don haka ɗan can zai karanta shi 1 ga Yuni. Wanda ke neman aiki a ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa bai san ko wane ne zai buɗe takardarsa ba, kuma wata biyar na ƙwarewa za su iya salwanta a wannan ruɗanin kaɗai. Ranar wata ma ba ta da amfani a CV. Rukunin C kuwa, kofa ne da jami'an NYSC suka san ma'anarsa, saboda haka a mayar da shi watanni kamar yadda suke a takardar sallama. Ana iya barin karatu da shekara kawai, ayyuka kuma da wata da shekara, muddin kowane sashe bai cakuɗa salo biyu ba.

Ga yadda sashen ayyukanta ya koma:

```
EXPERIENCE
Laboratory Assistant          Jan 2025 – Present
Biology Teacher (NYSC)        Nov 2023 – Oct 2024
Science Teacher               Mar 2022 – Oct 2022
SIWES Trainee                 Aug 2021 – Jan 2022
```

Da aka jera su haka, wani abu ya bayyana da sakin layi ya binne. Koyarwar da ta yi a makarantar kuɗi ta faɗo daidai cikin watannin yajin aikin 2022. A tsohuwar takardar, jimla ɗaya ce a tsakiyar dogon bayani. A sabuwar, duk mai ido zai gane cewa da aka rufe jami'a ba ta zauna a gida ba. Tazarar wata biyu tsakanin gama bautar ƙasa da fara aiki kuma ba ta buƙatar bayani, kuma bai kamata a ja kwanan wata don a rufe ta ba.

Ƙarƙashin kowane aiki sai a sa sunan wurin da garin, da layi biyu ko uku na abin da aka yi. A tsohuwar CV ta rubuta cewa ta samu damar koyon abubuwa da dama a lokacin SIWES, maganar da ɗalibin lissafi ko na aikin gona ma zai iya yi. Da aka tambaye ta me ta yi da hannunta, sai ga shi ta haɗa abincin da ake renon ƙwayoyin cuta a kai, ta yi amfani da na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, ta kuma gwada samfuran ruwan sha. Waɗannan ne kamfanin abinci ke nema, su ne kuma suka shiga. Idan akwai adadi na gaskiya, kamar yawan azuzuwan da ta koyar, a sa shi. Idan babu, kada a ƙirƙiro.

Ga wanda bai daɗe da gama karatu ba kuma ba shi da aikin kirki tukuna, sashen karatu ne ke hawa sama. Ita da take da aikin ɗakin gwaji a hannu, ayyukan ne suka riga. Digirin ya ci layi biyu: sunansa, jami'a, shekaru da matakin sakamako. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'in Najeriya ke bi, 3.50 zuwa 4.49 shi ne babban mataki na biyu, kuma idan za a rubuta makin, a rubuta shi tare da ma'aunin, 3.82/5.00 misali, don akwai makarantun da ke auna nasu a kan huɗu. Sakandare layi ɗaya ya ishe ta, da shekarar WAEC ko NECO. Firamare ta fita gaba ɗaya.

Sauran wurin ana samo shi ne daga bayanan saman shafi. Suna, lambar waya, adireshin imel da gari sun wadatar. Addini da batun aure ba su ƙara komai ga mai neman aikin gwajin ruwa. Jiha da ƙaramar hukuma dai akwai inda suke da muhalli: ma'aikatun gwamnatin tarayya suna bin ƙa'idar raba guraben aiki tsakanin jihohi, don haka a can a bar su. Haka ma ranar haihuwa, idan sanarwar aikin ta sa iyakar shekaru. Masu tsaya wa mutum su uku da adireshinsu, waɗanda kan cinye kashi ɗaya bisa huɗu na shafi, a ajiye su a wata takarda har sai an nema.

Saura aikin kwamfuta, inda masu shago da yawa ke ɓata abin. Don su tura kwanan wata zuwa dama, sai su yi ta danna maɓallin tazara har ya kai inda ido ya yarda. A allonsu ya yi kyau, amma da an buɗe a wata na'ura sai shekarun su karkace, wani ma ya faɗo layi na gaba. Hanyar da ta dace a Word ita ce a shiga Paragraph, a danna Tabs, a zaɓi Right. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne. Idan an bar santimita 2 a kowane gefe, saura 17, to a nan za a kafa alamar. Daga nan danna Tab sau ɗaya zai kai kowane kwanan wata bakin layi, duk su tsaya a sahu ɗaya. A duba kuma kada girman takarda ya kasance a kan Letter, wanda ya fi A4 gajarta, domin shi kan tunkuɗa layin ƙarshe zuwa shafi na biyu.

Girman rubutu 10.5 ko 11 ya isa, da nau'in rubutu ɗaya daga sama har ƙasa. Idan sai an sauko zuwa 9 kafin komai ya shiga, to bayanin ne ya yi yawa, a koma a rage. Shafi ɗaya dai ƙa'ida ce ta sabon mai digiri. Malamin jami'a mai maƙaloli da aka wallafa, ko likitan da ya shekara goma sha biyar yana aiki, ba a matse su haka.

Kafin a aika, a adana takardar a matsayin PDF da sunan mai ita, a buɗe ta a waya a ga ko ta tsaya a shafi ɗaya. Sannan a rufe gefen hagu da tafin hannu, a karanta shekarun kaɗai daga sama zuwa ƙasa. Kowace ta zama ta girmi wadda ke samanta, kuma idan ayyuka biyu suka haɗu a wata ɗaya, mai takardar ta san dalili. A CV ɗin matashiyar, wannan dubawar ce ta kama Sept a wani layi da Sep a wani, a sashen gajerun kwasa-kwasan da ta halarta, aka mayar da su duka haruffa uku.