Taswirar Manhaja: Yadda Malamin Lissafi Ke Shimfiɗa Shekararsa Kafin a Buɗe Makaranta

Shekarar karatu a yawancin makarantun Najeriya zango uku ce, kowane zango kimanin mako goma sha uku. A takarda ke nan. In aka cire makon farko da ke tafiya wajen rajista da share aji, da hutun tsakiyar zango, da makonnin bita da jarrabawa, da ƙyar malami yake tsira da mako goma na koyarwa. A ce malamin lissafi na aji ɗaya a ƙaramar sakandare yana shiga aji sau biyar a mako, kowace shiga minti 40. Mako 30 sau biyar, darasi 150 ke nan, wato awa 100 cif a shekara. Cikin wannan ɗan lokaci ake so yaro ya ratsa manyan lambobi, da lissafin kaso irin su rabi da sulusi da rubu'i, da ƙiyasi, da farkon aljabra, da siffofi da kusurwoyi, har da tattara alƙaluma.

Manhajar kanta daga hukumar NERDC take fitowa, wadda aka kafa a 1988, kuma ita ce ta tsara manhajar ilimin bai-ɗaya na shekara tara da aka fara aiki da ita a 2008. Manhaja tana faɗin abin da za a koya. Amma ba ta san ranar da za a ba da hutun Sallah a bana ba, ba ta kuma san cewa rabin ajin sun baro firamare ba su haddace jadawalin sau ba. Wannan giɓin ne taswirar manhaja take cikewa.

Taswirar jadawali ce kawai, wadda za a iya zanawa da rula a tsakiyar babban littafin rubutu. Kowane layi na ɗauke da mako ko 'yan makonni. A gefe kuma akwai gidaje uku: abin da ɗalibi zai iya yi a ƙarshe, aikin da za a yi a aji don ya iya, da gwajin da zai nuna ya iya ɗin. Bambancinta da sikim ɗin da malamai suka saba kwafewa shi ne, sikim yakan tsaya a jerin kanun darussa, ita kuwa tana tilasta wa gidajen nan uku su dubi juna. Wani masanin ilimi Ba'amurke, Fenwick English, ya yaɗa dabarar a wajen 1980, sannan Heidi Hayes Jacobs ta ƙara fito da ita a littafinta na 1997. Abin da ya dami English shi ne tazarar da ke tsakanin manhajar da aka rubuta, da wadda aka koyar, da wadda aka yi jarrabawa a kai.

Ga layi guda daga zangon farko. A gida na ɗaya malam ya rubuta: ɗalibi zai iya tara kaso biyu da lambobinsu na ƙasa suka bambanta. Kalmar aikin a nan ita ce “tara”. Da ya rubuta “zai fahimci lissafin kaso”, da ya ɗaure kansa, domin ba wanda ya taɓa ganin fahimta da ido balle ya ba ta maki.

A gida na biyu sai aikin aji. Kowane yaro ya yanki dogayen tsilin takarda biyu masu tsayi ɗaya, ya ninke kowanne gida uku, sannan ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa biyu. In ya buɗe zai ga gida goma sha biyu. A tsili na farko ya shafe sulusi biyu da fensir, ya ƙirga ya sami gida takwas. A na biyu ya shafe rubu'i, gida uku. Takwas da uku sha ɗaya, saboda haka 2/3 + 1/4 = 11/12, kuma yaron ya gani da idonsa dalilin da ya sa aka nemo 12.

Gida na uku shi ne gwaji, kuma dole ya tambayi abin da gida na ɗaya ya yi alkawari. Za a ba yaro irin wannan lissafin ya yi, ya nuna hanyar da ya bi. Malami mai lura yakan rubuta a gefe kuskuren da yake sa ran gani, wato 3/7, amsar wanda ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Amsar tana tona kanta: 3/7 bai kai rabi ba, alhali sulusi biyu kaɗai ya wuce rabi. Idan yara da yawa suka kawo ta, malam ya san ba a wuce wurin ba tukuna, ko me sikim ya ce.

Daga wannan layin kaɗai tsarin shekara yake fara fitowa. Ba za a tara sulusi da rubu'i ba sai yaro ya iya nemo lamba mafi ƙanƙanta da 3 da 4 suke shiga, abin da ɗalibai suka sani da LCM. Ke nan dole LCM ya riga shi zuwa. Shi kuma lissafin kaso zai sake ɓullowa a aljabra, ranar da aka ce rabin wata lamba biyar ne, a nemo ta. Taswira mai kyau tana nuna waɗannan mahaɗai, tana kuma sa tambaya ɗaya ko biyu daga zangon baya cikin gwajin zango na gaba, don kada dogon hutu ya wanke komai.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne tsakanin gida na ɗaya da na uku. Manufa ta ce yaro zai auna kusurwa da ma'auninta, a aji kuma aka kwafi bayani daga allo, a jarrabawa aka ce ya kawo ma'anar kusurwa. Yaro zai ci tambayar alhali bai taɓa ɗora ma'aunin a kan takarda ba. Gano wannan ba shi da wuya. A ɗauko takardar jarrabawa, a bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta layin taswirar da kowace ta fito. Layin da ya tashi ba tambaya, an koyar ba a gwada ba. Tambayar da ba ta da layi kuwa, an gwada yara a kan abin da ba a koya musu ba, kuma wannan zalunci ne. Rabon maki ma haka. In lissafin kaso ya ci mako huɗu cikin goma, a jarrabawar maki 60 ya kamata ya sami wajen 24, ba shida ba don kawai tambayoyinsa na da wahalar duba.

Sai maganar kalanda. Azumi da Sallah suna matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka taswirar bara ba ta zama daidai a kan bana. Malamin da ya san aikinsa yakan kauce wa sa darasi mafi nauyi a makon da ya biyo Sallah, lokacin da benci da yawa ke zama wayam, yakan kuma bar mako guda a kowane zango ba komai a ciki, don cike gurbi.

Taswira ba ta rage yawan yara a aji, ba ta kuma sayo ma'aunin kusurwa. Tana iya zama wata takardar ma da ake ƙawatawa don sufeto ya gani. Abin da ke hana ta mutuwa gida na huɗu ne, wanda ake bari ba rubutu sai ƙarshen mako, inda malam zai rubuta abin da ya koyar da gaske da inda yara suka cije. Shi malamin aji biyu zai karanta a watan Satumba ya san daga ina zai ɗora. Iyaye ma suna da hakkin tambaya: a taron iyaye da malamai na gaba, su nemi a nuna musu abin da aka ce yaransu za su iya yi a wannan zango, da tambayoyin da za a gwada su da su.