Kuɗin da ya makara, na wa ne? Littafin adashi a Kafanchan

Tun da layin dogo ya mayar da Kafanchan mahaɗa a 1927, inda hanyar Fatakwal zuwa Kaduna ta haɗu da reshen Jos, garin ya zama wurin da mai albashi da manomi da ɗan kasuwa ke cin abinci a kwano ɗaya. Haka adashin garin yake har yau. A zubi guda za ka tarar da malamar firamare, da ma'aikacin ƙaramar hukumar Jama'a, da tela, da mai noman citta daga wajen Kwoi, wasu daga zumuntar mata ta coci, wasu daga Islamiyya, kowa da lokacin da kuɗi ke shigo masa. Ma'aikaci yana jiran ƙarshen wata. Manomin citta kuwa sai an fara haƙa a ƙarshen shekara aljihunsa ke nauyi. Mutanen da kuɗinsu ba ya zuwa rana ɗaya, dole wani ya makara. Saboda haka littafin uwar adashi bai cika littafi ba sai ya tanadi wurin da za a rubuta jinkiri.

Masana sun daɗe da nazarin wannan tsari. William Bascom ya yi rubutu kan esusun Yarabawa a 1952, Shirley Ardener kuma ta kwatanta ire-irensa na ƙasashe da dama a 1964. Abin da ya fito fili shi ne adashi ajiya ce da bashi a haɗe: wanda bai kwasa ba yana bin jama'a, wanda ya kwasa jama'a na bin sa. Yawancin littattafan da ke hannun iyayen adashi ba sa nuna wannan bambanci. Sunaye ne a jere, watanni a sama, sai alamar maki a gaban wanda ya zuba. Alamar maki ba ta faɗin ranar da kuɗi ya zo, ba ta kuma faɗin hannun da ya shiga.

Mu ƙaddara adashin mutum goma, hannu ɗaya naira 20,000, daga Janairu zuwa Oktoba, kwasa naira 200,000. Lissafin da ya kamata a yi wa kowa a ƙarshen wata guda ne: abin da ya zuba, a cire abin da ya kwasa. In kowa ya cika zubinsa zuwa ƙarshen Afrilu, mutum huɗun da suka riga suka kwasa kowannensu ya zuba 80,000 ya ɗauki 200,000, ana bin sa 120,000 ke nan, jimla 480,000. Sauran shidan kowa yana bin 80,000, jimla ita ma 480,000. Ɓangarorin biyu dole su zo daidai. Ranar da suka saɓa, ko akwai kuɗi kwance a hannun uwar adashi, ko an rubuta zubin da bai zo ba, ko an miƙa wa wani kuɗi ba a rubuta ba. Lissafin minti biyar ne, amma ya fi rantsuwa amfani.

To, a ce Afrilu kwasar manomin citta ce, mai hannu na huɗu, wanda ya roƙi wannan wata domin ya sayi iri da taki kafin ruwa ya zauna. Ranar zubi mutum biyu ba su kawo ba: tela, mai hannu na biyu, wanda ya kwasa tun Fabrairu, da malama, mai hannu na takwas, wadda albashinta bai shigo ba. Manomi ya tafi gida da 160,000. A littafin maki, tela da malama laifinsu ɗaya, gurbi biyu ne babu alama. Amma malama ta zuba 60,000 ba ta ɗauki ko kwabo ba, kuɗinta na hannun jama'a, in ma abin ya yi tsanani ana iya cire 20,000 daga kwasarta ta Agusta. Tela kuwa ya zuba 60,000 ya ɗauki 200,000. Ana bin sa 140,000, daga ciki 20,000 lokacinsu ya wuce, kuma babu komai nasa a hannun kowa. Malama hutu take buƙata na 'yan kwanaki. Tela kuwa a ranar ya kamata wanda ya tsaya masa ya ji labari.

Sai Mayu ta zo. Malama ta kawo 40,000, na wata biyu. Tela ya kawo 20,000 kacal. A nan ne ake yin kuskuren da ke raba zumunci. Mai hannu na biyar yana zaune yana jiran kwasarsa, manomi yana can gona. Uwar adashi, don a rabu lafiya, sai ta saka maki a gurbin tela na Mayu, ta haɗa 200,000 cif ta miƙa wa mai hannu na biyar, ta aika wa manomi 20,000 ɗin malama. Kowa ya yi murmushi. Gurbin tela na Afrilu ya zauna fanko, wata bayan wata ana tsallake shi, tela kuma yana jin yana zubi kamar kowa. Ranar da aka rufe adashi a Oktoba, manomi shi kaɗai ne bai cika 200,000 ba, kuma babu sauran ranar taro da zai kai kuka.

Ƙa'idar da ta fi adalci ita ce kuɗin da ya makara na mai kwasar watan da aka tsallake ne, kuma tsohon bashi ake fara biya. Dubu ashirin ɗin da tela ya kawo a Mayu na Afrilu ne, na manomi. A rubuta shi a gurbin Afrilu da kwanan watan da ya zo, a bar gurbin Mayu a buɗe, mai hannu na biyar ya karɓi 180,000 da rubutaccen bayanin cewa tela ne yake bi. Don haka kowane gurbi yana buƙatar abu uku: nawa aka kawo, yaushe, wa aka miƙa wa. A bayan littafi kuma a ware shafin bashi, layi ɗaya ga kowane jinkiri: wane ne, na wane wata, mai kuɗin wane ne, ranar da aka biya, da sa hannun mai karɓa ko dangwalensa.

Wannan ƙa'ida ma tana da iyaka, kuma gara a san ta. In tela ya ci gaba da zama a baya da wata guda, giɓin zai riƙa gangarawa daga na biyar zuwa na shida har ya dira kan mai hannu na goma, wanda ya fi kowa haƙuri. Dole a yi masa birki: bashin da ya kwana wata biyu ya koma kan mai tsayawa. Shi ya sa bai kamata wanda zai kwasa a rabin farko ya taɓa kuɗi ba sai wani ya sa masa hannu, kuma mai tsayawar ya zama wanda bai kwasa ba tukuna. Biyu da suka riga suka ɗauka, in suka tsaya wa juna, babu abin da aka riƙe.

In kuma tela ya ɓace gaba ɗaya tun daga Afrilu, ba mai tsayawa, littafi ne zai nuna inda asarar ta faɗa. Hannu bakwai, daga na huɗu zuwa na goma, kowanne ya rasa 20,000. Na ɗaya da na uku ba su rasa komai ba, don kawai ƙuri'a ta faɗa musu da wuri. In aka raba 140,000 a kan mutum taran da suka rage, kowa zai ɗauki kusan 15,550. Ma'ana na ɗaya da na uku kowannensu ya fitar da wannan adadi, a raba wa bakwai ɗin, kowa ya sami kusan 4,450. Ni dai ina ganin wannan ne daidai, tunda tare aka yarda a shigar da telan. Amma magana ce da ba a iya fara ta bayan ɓarna ta auku. Wanda ya riga ya kashe kuɗinsa ba ya jin lissafi. A shafin farko ake rubuta ta, ranar da aka jefa ƙuri'a.

Batun tara ya fi wuya a gari irin Kafanchan. Ƙungiyoyi da yawa suna cin tarar mai jinkiri, amma malaman Musulunci da dama suna ɗaukar ƙari a kan bashi saboda jinkiri a matsayin riba, don haka adashin da ya haɗa Musulmi da Kirista yana iya tsagewa a kan naira 500. Rubuta bashi kam babu mai jayayya a kansa, aya ta 282 a Suratul Baƙara ma a kan haka ta sauka. Hukuncin da kowa zai iya ɗauka shi ne na layi: wanda ya makara sau biyu kafin ya kwasa, a mayar da shi baya, wanda ya makara bayan ya kwasa, a zagaye na gaba shi ne na ƙarshe. Kuma wannan hukunci yana da cizo. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. A irin wannan gudu, 200,000 da aka jira wata tara ba ta sayen fiye da abin da kusan 160,000 ta saya a farko. Inda aka zaɓi tara duk da haka, a ba ta shafinta daban, kada ta shiga zubi, kuma a faɗi tun farko aljihun da za ta shiga.

Akwai jinkirin da ba na mutum ɗaya ba. A daminar 2023 cutar da ta afka wa citta ta cinye gonaki a Kachia, Jaba, Kagarko da kewaye, masu zubin da suka dogara da citta suka durƙushe lokaci guda. A irin wannan hali mai tsayawa ma yana neman mai tsaya masa. Abin da littafi zai iya yi shi ne a tsayar da zubi a wata guda ga kowa, a fitar da matsayin kowane hannu, sannan a ci gaba da rabin zubi a tsawon lokaci ninki biyu. Waɗanda suka riga suka kwasa su ne ba a yafe wa adadi, sai dai a sassauta musu lokaci.

Farkon wannan shekarar ta 2023 kuma ƙarancin takardun naira ya koya wa mutane zubi ta waya, ya zo da tasa rigimar. "Anti, na tura tun jiya, ga hoton rasit." Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Kwanan watan da za a rubuta shi ne ranar da kuɗin ya sauka a asusun mai karɓa, cajin banki da na mai na'urar cirar kuɗi kuma a kan mai turawa yake, don 19,900 ba 20,000 ba ce. Mai hannu biyu a ba shi layi biyu, masu rabin hannu kowa da layinsa, domin in ɗaya ya makara kada a shafa wa ɗan'uwansa. Ita ma uwar adashi, in tana zubi, layinta wani ne zai riƙa cikewa, kuma a ƙarshen kowane taro a ɗauki hoton shafin a tura wa mutum goman kafin a watse.