Kafin a zana layin farko: yarjejeniyar mai yin katun da mai ba shi aiki

Tallar katun ta minti ɗaya da ake gani a talabijin ko a waya, hotuna ne har 1,500 da aka jera, idan an yi ta a kan hoto 25 a kowace daƙiƙa. Mai kallo bai ga wannan ba, shi dai ya ga yaro yana gudu da kwalbar lemo a hannu. Shi ya sa mai ba da aiki kan ɗauka cewa sauya rigar yaron abu ne na minti biyar, shi kuwa mai zanen ya san kwana uku ne. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin matasan da ke sana'ar katun don kansu da kamfanonin da ke ba su aiki daga nan take tasowa, kuma takarda mai shafi biyu za ta iya kashe ta tun ba ta tashi ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani kamfanin lemo a Kano yana son talla ta daƙiƙa 60, da mutane biyu a ciki, uwa da ɗanta, da muryar Hausa da ɗan kiɗa. An yi jinga a kan naira 600,000, za a gama cikin mako shida. Kuɗin misali ne kawai, tsarin ne abin lura.

Aikin katun hawa-hawa ne, kuma kowane hawa a kan na ƙasansa yake zaune. Da farko rubutun labari. Sai zanen kamannin mutanen, fuska da sutura da launi. Sai sitoribod, wato zanen kowane fage a tsaye kamar littafin ban dariya. Sai a ɗauki murya, a jera zanen fagen a kanta don a ga tsawon kowane fage, abin da masu sana'ar ke kira animatik. Bayan wannan ne ake shiga aiki mai cin rai, wato sa wa mutanen motsi, a daidaita leɓe da kowace kalma, a sa haske da launi. A ƙarshe kwamfuta ta fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya su zama bidiyo. Idan katun ɗin mai siffar jiki ne, irin wanda ake yi da Blender, kuma kowane hoto yana cin minti biyu kafin ya fita, hotuna 1,500 za su ci awa 50 kwamfuta tana kunne. Wanda ke aiki da janareta ya san abin da awa 50 ke nufi a kuɗin mai.

Saboda haka yarjejeniya mai kyau ba ta cewa «za a yi gyara har sai mai aiki ya gamsu». Wannan jimla ta cinye ribar masu zane da yawa, domin gamsuwa ba ta da ranar ƙarewa. Abin da ya dace a rubuta shi ne zagaye biyu na gyara a kowane mataki, kuma a fayyace mene ne zagaye. Zagaye ɗaya shi ne jerin gyare-gyare guda, a rubuce, a saƙo ɗaya, daga bakin mutum ɗaya da kamfanin ya ambata da suna a takardar. Wannan sharaɗi na mutum ɗaya ya fi yadda ake zato muhimmanci. Sau da yawa manajan talla zai ce ya yi, a ci gaba, sai bayan mako uku a nuna wa mai kamfanin, shi kuma ya ce uwar ta yi yarinya da yawa, a ƙara mata shekaru. Idan Alhaji ne mai magana ta ƙarshe, to sunansa za a sa, kuma shi zai ga zanen tun yana kan takarda.

Sai bambanci tsakanin gyara da sauyi. Idan mai zane ya rubuta sunan lemon ba daidai ba, ko launin kwalbar bai yi daidai da na gaske ba, ko leɓen yaron bai bi magana ba, laifinsa ne, zai gyara kyauta, kuma ba a lissafa shi cikin zagaye biyun. Idan mai aiki ya ce fagen kasuwa ya yi sauri, a ɗan ja shi, wannan gyara ne, yana cikin zagaye. Amma idan aka koma kan abin da aka riga aka amince da shi a matakin baya, ya zama sauyi, kuma sauyi da kuɗinsa. Kamar tela ne: kafin ya sa almakashi kana iya sauya ɗinki yadda ka so, bayan ya yanka kuwa sai dai ka sayo wani yadin.

A misalinmu, a ce an amince da yaron yana sanye da kaftani, an gama sa masa motsi, sai kamfanin ya ce yana son kayan makaranta domin tallar za ta fita lokacin komawa makaranta. Buƙata ce mai ma'ana, ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai dole a sake zana suturar, a sake ɗora ta a kan ƙashin da ke motsa jikin, a duba kowane fage da yaron ya fito, a sake fitar da bidiyon. Idan takarda ta ce ranar aikin ƙari naira 25,000 ce, mai zane zai rubuta cewa sauyin zai ci kwana huɗu, naira 100,000, kuma ranar miƙa aiki za ta matsa da kwana huɗu. Ba zai taɓa komai ba sai an amsa masa a rubuce. Sau da yawa idan mai aiki ya ga farashin, da kansa zai auna ko sauyin ya cancanta. Haka nan sauya kalma ɗaya a muryar da aka riga aka ɗauka: sai an dawo da mai muryar, an sake daidaita leɓe.

Shi ma mai ba da aiki akwai agogo a kansa. A ba shi kwana biyar na aiki ya mayar da martani a kowane mataki, kuma duk kwanan da ya ƙara, ranar gamawa ta matsa da shi. Wasu kan rubuta cewa shiru bayan wa'adi amincewa ne. Ni ban cika son wannan ba, domin yakan haifar da gaba. Na fi ganin a ce idan shirun ya kai wata guda aikin ya tsaya, mai zane ya kama wani, kuma sai an sake tsara lokaci kafin a dawo.

Biyan kuɗi ya kamata ya bi waɗannan matakan sau da ƙafa. Kafin alƙalami kashi 40 cikin ɗari, naira 240,000, kafin a fara komai, domin da shi za a biya mai murya, a sayi izinin kiɗa, a zuba mai. Kashi 30, naira 180,000, ranar da aka amince da animatik, kafin a shiga sa motsi. Ragowar 180,000 bayan mai aiki ya ga cikakken bidiyon, amma mai ɗauke da tambarin mai zane a tsakiyar allo, wanda ba zai yiwu a sa a talabijin ba. Kuɗi ya shiga, sai a tura mai tsabta. Tsarin yana kare kowa. Kamfani bai zuba duka kuɗinsa a hannun wanda bai nuna masa komai ba, mai zane kuma bai shiga mafi wahalar aikin da aljihunsa ba. A ɗaura kowane biya da abin da ake iya gani, kada a ɗaura shi da ranar da tallar za ta fita, domin wannan rana ba a hannun mai zane take ba. Idan kuma kamfanin ya fasa a tsakiya, abin da aka biya na matakan da aka gama ya zauna, na matakin da ake ciki a biya gwargwadon inda aka kai. Idan mai zanen ne ya gaza, ya mayar da kuɗin abin da bai yi ba, ya miƙa abin da aka riga aka biya.

Batun mallaka shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ke tashi bayan shekara guda. Abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Akwai bidiyon da aka gama, fayil ɗin MP4. Akwai fayilolin aiki, irin su `.blend` na Blender ko `.aep` na After Effects, inda mutanen suke a warware da ƙasusuwansu, waɗanda duk mai riƙe da su zai iya yin sabuwar talla ba tare da mai zanen farko ba. Sannan akwai haƙƙin mallaka, wato ikon kwafa da yaɗawa da sarrafa aikin.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce haƙƙin yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai dai in yarjejeniya ta faɗi akasin haka. Ta kuma ce miƙa haƙƙin gaba ɗaya, ko ba wa mutum izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. Ke nan biyan kuɗi kawai bai mayar da kamfani mai zanen uwa da ɗanta ba. Amma kada mai zane ya saki jiki, domin a aikin bidiyo dokar tana ɗaukar wanda ya yi shirye-shiryen samar da shi a matsayin mai shi, kuma kamfanin da ya kawo labari ya biya kuɗi zai iya cewa shi ne. Inda kowa ke da hujja, jimla ɗaya a takarda ta fi sauƙi a kan zuwa kotu. Aikin da aka yi wa gwamnati ko hukumominta kuwa, dokar ta ba su haƙƙin in ba a rubuta wani abu daban ba.

Ga yadda nake ganin ya dace a misalinmu. Kamfanin ya mallaki bidiyon, ya sa shi duk inda ya so, daga ranar da biyan ƙarshe ya shiga, ba kafin nan ba. A lissafa abin da za a miƙa: mai faɗi na talabijin da YouTube, 16:9, da na tsaye don waya, 9:16, domin na biyun sai an sake tsara kowane fage, ba yanke gefe kawai ake yi ba. Fayilolin aiki su zauna wurin mai zane, sai in kamfanin ya saya da farashi daban da aka rubuta tun farko. Idan yana da niyyar yaron ya zama fuskar lemonsa a kwalba da allon talla shekara da shekaru, hikima ce ya saye shi gaba ɗaya yanzu, mai zane kuma ya sa kuɗin da ya dace da hakan.

Akwai abin da mai zane ba zai iya sayarwa ba ko da ya so, wato kiɗa da salon haruffa da ya sayo izininsu daga wasu. Izinin kiɗa na iya tsayawa a intanet bai kai talabijin ba, don haka a rubuta wane izini aka saya, da sunan wa. Shi ma kamfanin ya tabbatar a takarda cewa tambari da hotunan da ya kawo nasa ne. Mai zane ya nemi a rubuta masa damar nuna aikin cikin samfurin ayyukansa bayan tallar ta fita, tare da tsawon lokacin da zai ajiye fayilolin, a ce shekara guda, tunda ma'ajiyar kwamfuta na cika kuma tana lalacewa. Amincewar kowane mataki kuwa a yi ta a rubuce, ko da ta WhatsApp ce, a ambaci sunan fayil da kwanan wata, domin Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar karɓar irin waɗannan saƙonni a kotu idan an cika sharuɗɗanta.