Yadda Ƙaramin Kamfani Ke Sanar da Buɗe Sabon Reshe

Sanarwar manema labarai gajeriyar takarda ce, galibi shafi ɗaya, da kamfani ke aika wa jaridu da gidajen rediyo, an tsara ta kamar labari yadda edita zai iya ɗauka ba tare da wahalar gyara ba. Ta bambanta da talla. Talla kuɗi ake biya a saka ta, sanarwa kuwa sai edita ya ga akwai labari a cikinta.

A ɗauki misalin wani gidan burodi na Kano da zai buɗe reshe na biyu a Zariya. Kanun sanarwar layi ɗaya ne: sunan gidan, sannan "ya buɗe sabon reshe a Sabon Garin Zariya, zai ɗauki ma'aikata 15". Idan aka rubuta "Albishirinku jama'a! Burodin da ya fi kowane daɗi ya iso", to an yi talla, kuma ba mamaki edita ya tura mai ita sashen tallace-tallace ya je ya biya.

Ƙarƙashin kanu sai sunan gari da kwanan wata, sannan sakin layi na farko, wanda shi ne ƙashin bayan takardar. A jimla biyu zai faɗi wane ne, me zai yi, a ina, kuma yaushe. Dalili shi ne, in fili ya yi kaɗan a shafin jarida ko lokaci ya ƙure a rediyo, daga ƙasa ake yanke labari. Duk wanda ya fara da tarihin kafa kamfani, ya bar ranar buɗewa a ƙarshe, yana iya jin labarinsa a iska babu ranar. Haka nan ba a rubuta "gobe" ko "jibi", domin ba a san ranar da za a karanta takardar ba. Ana rubuta rana, kwanan wata, ƙarfe nawa, da cikakken adireshi.

Maganar mai kamfani ce kaɗai wurin da ra'ayi ke da izinin shiga, amma sau da yawa godiya da nuna farin ciki ne ke cinye ta. Wadda ta fi amfani ita ce mai bayyana dalili, kamar ya ce: "Kullum da asuba muke loda burodi zuwa Zariya, yanzu a can za mu gasa, masu shayi su same shi da zafinsa." A haɗa da cikakken sunansa da muƙaminsa, kuma ba a sa masa magana a baki sai ya gani ya amince.

Daga ƙarshe sai layi biyu kan shekarar da aka kafa kamfanin da abin da yake sarrafawa, da lambar wayar wanda zai ɗauka in ɗan jarida ya kira. Ana aikawa kwanaki kaɗan kafin buɗewa, tare da hoton gaban shagon.