Ina Sifilin Lambar Waya Yake Tafiya?

Kowa ya san lambar wayar hannu a Najeriya guda 11 ce, kuma da sifili take farawa, kamar masu farawa da 0803 ko 0805 ko 0802. To amma akwai wani abu da yake faruwa a kwamfuta. Za a turo jerin lambobin wayar iyayen yara a cikin fayil, mutum ya danna shi ya buɗe a Excel, sai ya tarar duk lambobin sun koma guda 10, sifilin farko ya yi ɓatan dabo. Wasu sukan ce kwamfutar ce ta kamu da cuta, wasu su ɗora laifin a kan wanda ya rubuta jerin. Ba ko ɗaya. Abin yana da dalili, kuma idan an gane shi da wuri ba a asarar komai.

Irin fayil ɗin da wannan ya fi faruwa da shi shi ne wanda sunansa yake ƙarewa da .csv. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka fayil ɗin Excel ne, saboda a kwamfutar da take da Excel yakan fito da koren tambari. Alhali rubutu ne zalla, layi-layi, ana raba bayani da bayani da waƙafi. Babu launi a cikinsa, babu zanen tebur. Ga misali da lambobin da na ƙirƙira, na ɗalibai uku:

```
lamba,aji,waya
0045,JS2A,08012345678
045,JS2B,08012345679
45,JS3A,08012345680
```

Iyakar abin da yake ciki ke nan. Ku lura babu inda aka rubuta cewa abin da yake ƙarƙashin "waya" lambar waya ce. Fayil ɗin ba shi da wurin da zai faɗi hakan. Don haka idan aka danna shi sau biyu, dole Excel ya yi hasashe da kansa. Duk gurbin da ya ga babu komai a ciki sai alƙaluma, sai ya ɗauke shi a matsayin adadi, irin wanda ake tarawa ko a ɗebe.

A nan darasinmu na lissafi ya shigo. A wajen adadi, sifilin da yake gaba ba ya ƙara komai. Naira 050 da naira 50 duk ɗaya ne, mai shago ba zai ba ka ƙarin alawa don ka sa sifili a gaba ba. Shi ya sa idan Excel ya ga 08012345678, abin da yake gani shi ne biliyan 8 da miliyan 12 da 'yan kai, sai ya rubuta shi yadda ake rubuta adadi: 8012345678. A wajensa gyara ya yi.

Amma lambar waya ba adadi ba ce. Ba wanda ya taɓa tara lambar babansa da ta mamarsa ya samu wani abu mai amfani. Suna ce da aka rubuta da alƙaluma, kuma cire mata sifili kamar a cire harafin farko na sunan mutum ne, Bala ya koma ala. Haka lambar shiga makaranta take, haka lambar asusun banki mai alƙaluma 10, wadda da yawa da sifili suke farawa, wasu ma da sifili biyu.

Yanzu ku sake duba misalin nan na sama. Ɗalibai uku ne masu lambobi uku daban: 0045 da 045 da 45. Da zarar an buɗe fayil ɗin ta hanyar danna shi, dukkansu za su koma 45. A ganina wannan ya fi na lambar waya haɗari. Lambar waya idan ta rasa sifili kowa zai gane da ido. Amma ɗalibai uku masu lamba ɗaya, ana iya ɗora makin wani a kan wani ba tare da kowa ya lura ba, sai ranar karɓar sakamako.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne, a lokacin da kake kallon lambobin babu sifili a allon kwamfuta, fayil ɗin yana nan lafiya ƙalau. Excel ya karanta shi ne kawai ya nuna maka yadda ya fahimta. Idan kana son tabbatarwa, ka rufe Excel, ka danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Open with, sannan Notepad. Notepad ba ya hasashe, abin da yake ciki shi yake nunawa. Za ka ga sifilanka a zaune.

Ɓarnar tana faruwa ne lokacin da aka danna Save. A nan ne Excel zai sake rubuta fayil ɗin da lambobin da suka rasa sifili, ya danne na asali. Daga nan ko a Notepad aka buɗe, babu su. Saboda haka idan ka buɗe fayil ka ga sifili ya tafi, kada ka adana. Ka rufe, idan ya tambaye ka, ka zaɓi Don't Save. Ya kuma kamata tun kafin a taɓa fayil irin wannan a kwafe shi a ajiye guda a gefe.

To yaya ake buɗe shi? Maimakon danna fayil ɗin, sai a fara buɗe Excel ɗin da sabon shafi. A je Data, a zaɓi From Text/CSV, a nuna masa fayil ɗin. Zai fito da wata taga da take nuna yadda bayanan za su shiga. A samanta akwai wurin da aka rubuta Data Type Detection, a nan sai a zaɓi Do not detect data types, wato an ce masa ya bar hasashen. Za a ga sifilan sun fito a tagar tun kafin a danna Load. Sai dai wannan yana mayar da komai rubutu ne, har da maki idan akwai shi a jerin, don haka mai son tara maki sai ya mayar da wannan sashen adadi daga baya.

Idan tsohon Excel ne a kwamfutar, kamar na 2010 ko 2013, sunan wurin From Text. Yana da matakai 3. A na farko a zaɓi Delimited, a na biyu a zaɓi Comma, a na uku kuma a danna sashen lambobin waya a canza shi daga General zuwa Text. Mataki na ukun nan shi ne mutane suke tsallakewa su danna Finish da sauri, kuma shi ne gaba ɗayan aikin. Kowane sashe mai sifili sai an danna shi an canza, ba na waya kaɗai ba. Masu amfani da Google Sheets kuma, wajen Import akwai wani ɗan akwati mai cewa Convert text to numbers, dates, and formulas, sai a cire alamar da take cikinsa.

Ana iya gane ko aikin ya yi. Excel yana jingina adadi a gefen dama na gurbi, rubutu kuma a gefen hagu. Idan lambobin waya sun jingina hagu, an dace. Wani lokaci yakan sa ɗan koren tabo a kusurwar gurbin yana gargaɗin cewa an ajiye adadi a matsayin rubutu, har ya ba da zaɓin Convert to Number. Kada a danna, wannan shi ne zai sake cinye sifilin. Wanda yake son ƙarin tabbaci ya rubuta wannan a gurbin da yake kusa:

```
=LEN(C2)
```

Zai ƙirga alƙaluman da suke cikin gurbin C2. Idan ya ba da 11, lambar ta cika. Idan 10 ne, ta rasa ɗaya. Bayan an gama, a adana aikin da Save As a matsayin .xlsx, domin shi wannan yana riƙe bayanin cewa sashe kaza rubutu ne. Idan aka sake adanawa a .csv, sifilan za su shiga fayil ɗin, amma wanda ya danna shi gobe zai sake ganin babu su.

Wata dabara da ake yawan faɗa ita ce a buɗe fayil ɗin yadda aka saba, sannan a zaɓi sashen a mayar da shi Text. Wannan ba ya dawo da komai, ihu ne bayan hari, domin sifilin ya tafi tun wajen buɗewa. Sa lambar a tsakanin alamun zance a cikin fayil ɗin ma ba ya hana Excel mayar da ita adadi.

Idan kuma an riga an danna Save, kuma babu kwafi fa? Lambar waya tana da sauƙi, tunda mun san tsawonta:

```
=TEXT(C2,"00000000000")
```

Sifilan da suke ciki guda 11 ne. Ma'anarsa a rubuta abin da yake C2 da alƙaluma 11, idan bai kai ba a cike gabansa da sifili. Sai 8012345678 ta koma 08012345678. Lambar asusun banki ma haka, sai dai sifili 10 za a sa. Amma a gwada wannan a kan ɗaliban nan uku da sifili 4, dukkansu za su zama 0045. Na farko ya samu tasa, sauran biyun an ba su lambar da ba tasu ba. Dabarar tana aiki ne kawai idan duk lambobin tsawonsu ɗaya. In ba haka ba, sai a koma rajistar makaranta a duba ɗaya bayan ɗaya, ko a roƙi wanda ya turo fayil ɗin ya sake turowa.

Akwai 'yar'uwar wannan matsala da ta fi ta muni. Idan an rubuta lambar da lambar ƙasa, wato +2348012345678, Excel zai jefar da alamar tarawa, kuma da yake alƙaluman sun kai 13, zai taƙaita ta ya nuna 2.34801E+12. Idan aka adana a .csv a haka, wannan taƙaitaccen shi zai shiga fayil ɗin. Da aka sake buɗewa, lambar ta zama 2348010000000. Alƙaluma 7 na ƙarshe sun tafi, kuma babu dabarar da za ta dawo da su, tunda su ne suke bambanta wayar wani da ta wani. Bayan haka Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 na adadi. Lamba mai 16, irin ta jikin katin cirar kuɗi, tun wajen buɗewa alƙalaminta na ƙarshe yake komawa sifili. Maganin duka ɗaya ne da na baya, a shigo da su a matsayin Text ta hanyar Data, sannan a ƙirga tsawonsu kafin a adana.